Tsakanin Naira 60,000 da 494,000: aikin ɗan jarida a ranar yajin aiki

Da asubahin Litinin, 3 ga Yuni, 2024, ma'aikatan lantarki suka kashe babban layin wutar Najeriya, aka rufe ƙofofin filayen jirgin sama na Legas da Abuja, ofisoshin gwamnati da makarantu da bankuna da yawa suka wayi gari a garƙame. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ne suka kira yajin aikin, a kan mafi ƙarancin albashi da kuma ƙarin kuɗin wuta da aka yi a watan Afrilu. A ranar, duk tashar da mutum ya kunna zai ji lambobi biyu ana ta nanatawa: gwamnati ta ce za ta biya naira 60,000, 'yan ƙwadago sun ce sai naira 494,000. A sa muryar Joe Ajaero na NLC, a bi ta da muryar minista, a rufe rahoto. Mai rahoton ya koma gida da tunanin ya yi adalci, tun da kowane ɓangare ya samu nasa lokacin.

Raba lokaci daidai wa daida abu ne mai kyau, amma shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Mai sauraro a Gusau ko Azare da ya ji lambobin nan biyu bai ƙaru da komai ba, sai dai ya zaɓi wadda ta dace da ra'ayin da yake da shi tun farko. Ba ɓangarori biyu nauyi ɗaya, a ganina, shi ne a yi wa lissafin kowannensu irin binciken da aka yi wa na ɗayan, da ma'auni guda, a kuma faɗi abin da aka samu ko da wa zai ɓata wa rai. Yajin aikin Yunin 2024 ya dace a yi misali da shi, domin kowane ɓangare ya zo da lambar da gaskiya ce a lissafi, amma tana ɓoye wani abu.

Kafin a kai ga lambobi, sai an san su wane ne masu jayayyar. A bakin mutane, rikicin tsakanin gwamnati ne da 'yan ƙwadago. A teburin tattaunawa kuwa ƙafa uku ce. Kwamitin mutum 37 da mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024, ƙarƙashin jagorancin Bukar Goni Aji, ya ƙunshi wakilan gwamnati, da na ma'aikata, da na kamfanoni masu zaman kansu. Ita kanta gwamnatin ba baki ɗaya take magana ba. Kwanaki kaɗan bayan yajin aikin, ƙungiyar gwamnoni ta fito ta ce ko naira 60,000 ɗin da Gwamnatin Tarayya ta amince da ita, jihohi ba za su iya ɗauka ba. Ga kuma ƙananan hukumomi, inda malaman firamare da ma'aikatan asibitocin karkara suke karɓar albashi. Ga ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA da ta masu masana'antu ta MAN, waɗanda kuɗin albashi daga cinikinsu yake fitowa, ba daga kason wata-wata na Abuja ba. Rahoton da ya ji ta bakin minista kaɗai ya ce ya ji ɓangaren masu biyan albashi, ya tsallake mafi yawan masu biyan. Mai masana'antar roba a Sharaɗa da ke Kano, wanda ke sayen man dizal don ya tayar da injinsa, yana da nasa lissafin, kuma ba shi ne na ministan ba.

Haka ɓangaren ma'aikata. Shugaban ƙungiya ne ke da hurumin faɗar matsayin ƙungiya, amma ba shi ne ke rayuwa da mafi ƙarancin albashi ba. Masinja a sakatariyar jiha da mai shara a asibiti su ne za su faɗi abin da ke shiga asusunsu a ƙarshen wata. Akwai kuma waɗanda dokar ba ta shafe su ba sam. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta keɓe duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ko suka sayar, da masu aikin gona na kaka zuwa kaka. Yaron shago a Kantin Kwari da mai ɗinki a lungu ba su cikin lissafin, alhali su ma sun kwana cikin duhu a ranar. Jumla ɗaya ta isa a bayyana wannan a rahoto, kuma ita ce ke nuna wa mai sauraro girman abin da ake jayayya a kai.

Yanzu lambar gwamnati. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce naira 60,000 ƙari ne na kashi 100 cikin 100 a kan naira 30,000 da aka kafa a 2019, abin da 'yan ƙwadago ke nema kuwa ƙari ne na kashi 1,547 cikin 100. Duka biyun daidai ne idan aka buga. Daga 30,000 zuwa 60,000 ninki biyu ne, 494,000 kuma ta ninka 30,000 sau 16 da kusan rabi. Wanda ya ji an ninka masa albashi ya ƙi karɓa, sai a ɗauke shi mai haɗama. Tambayar da ɗan jarida zai yi ita ce: naira 30,000 ta watan Afrilun 2019, lokacin da Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu, nawa ce a kasuwar 2024?

Amsar tana cikin alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata, kuma na'urar lissafin da ke wayar hannu ta isa. A ɗauki hauhawar farashin kowane watan Afrilu a kan na shekarar da ta gabace shi: kusan kashi 12 a 2020, kashi 18 a 2021, kashi 17 a 2022, kashi 22 a 2023, kashi 34 a 2024. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara su, a samu kashi 103, a ce ai ƙarin gwamnati ya yi daidai da tsadar kaya. Ba a tara su, domin tsadar kowace shekara a kan ta bara take hawa. Ninkawa ake yi:

```
1.12 × 1.18 × 1.17 × 1.22 × 1.34 ≈ 2.53
30,000 × 2.53 ≈ 76,000
```

Ma'anar wannan ita ce, kayan da naira 30,000 ta saya a 2019, sai da kusan naira 76,000 za a saye su a Afrilun 2024. Ashe naira 60,000 da aka kira ninki biyu ba ta ma mayar da ma'aikaci inda yake shekara biyar baya ba, ta bar shi da giɓin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kuma wannan matsakaicin farashin kaya ne gaba ɗaya. Na abinci ya fi haka gudu, domin a watan Mayun 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, ƙaramin ma'aikaci kuwa yawancin albashinsa a tukunya yake ƙarewa.

To amma ma'aunin da ya tona asirin 60,000 bai bar 494,000 ba. Idan 76,000 ce ke mayar da ma'aikaci matsayinsa na 2019, abin da ƙungiyoyin ke nema ya ninka wannan sau shida da rabi. Saboda haka ba daidai ba ne a rubuta cewa 'yan ƙwadago suna neman a biya su abin da tsadar rayuwa ta cinye kawai. Suna neman a ɗaga matsayin ma'aikaci ne ƙwarai sama da inda yake a da. Suna iya samun hujjar neman haka, tun da ita 30,000 ɗin ma ba ta taɓa isar iyali ba, amma wannan wata magana ce dabam, kuma ya kamata mai karatu ya san wacce ake yi. Wakilin da ya buga lissafin farko ya yi shiru a kan na biyu ya zama kakakin ƙungiya, kamar yadda wanda ya tsaya a kan kashi 1,547 ya zama kakakin ma'aikatar yaɗa labarai.

Su 'yan ƙwadago ba daga sama suka tsinci lambarsu ba. Da farko, kafin su sauko zuwa 494,000, naira 615,000 suka nema, suka kuma fitar da jadawalin yadda suka same ta: abin da iyali mai mutum shida, miji da mata da 'ya'ya huɗu, ke buƙata a wata. Abinci kaɗai sun sa masa naira 270,000, wato naira 500 kowane cin abinci, sau uku a rana, ga mutum shida, ya zama 9,000 a rana, sau kwana 30. Wannan lissafi ne da ake iya bi a tantance, kuma ya kamata a yaba musu da suka baje shi a fili. Wakili zai iya shiga kasuwar Dawanau ko ta unguwarsu ya tambayi kuɗin tiyar shinkafa da ta wake da kwalbar manja, ya ga ko 500 ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ba na jin wanda ya yi cefane a tsakiyar 2024 zai ce ta yi yawa. Inda tambaya take shi ne a ginshiƙin lissafin: an ƙaddara cewa albashin mutum ɗaya ne ke ɗauke da mutum shida, kuma an ɗauki tsadar haya da ta mota iri ɗaya ce a Legas da Dutse. Nan ne ya kamata a tsare shugaban ƙungiya da tambaya. Abin da lissafin yake nunawa shi ne kuɗin da iyali zai rayu da shi cikin rufin asiri, doka kuwa tana kafa ƙasan da ba a yarda kowane mai ɗaukar ma'aikata ya sauka ƙarƙashinsa ba, har da mai makaranta mai zaman kanta da ke da malamai 30. Jayayyar gaskiya a kan tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu take.

Akwai wata lamba ta uku da ta fi waɗannan koyar da darasi, kuma ba ta samu kulawar da ta kamata ba. A tsakiyar Mayu, da gwamnati ta fara tayin naira 48,000, shugabannin ƙwadago suka fice daga taron suna cewa wannan ragi ne. A kunne abin kamar ba ya kan hanya: ta yaya 48,000 za ta zama ragi a kan 30,000? Bayaninsu shi ne ƙaramin ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ya riga yana karɓar naira 77,000: 30,000 ta doka, da alawus na kashi 40 cikin 100 wato 12,000, da tallafin naira 35,000 da aka amince a riƙa bayarwa bayan cire tallafin man fetur a 2023. Lissafin ya fita daidai. Sai dai wakili mai lura zai ƙara abu biyu. Tallafin 35,000 na wucin gadi ne, an tsara shi na wata shida, ba ya cikin gundarin albashi. Sannan ma'aikatan tarayya ne ke da wannan 77,000 ɗin. Ma'aikacin jiha yana wata duniya dabam. A Zamfara, alal misali, sai a wannan watan na Yunin 2024 gwamnatin jihar ta fara biyan naira 30,000 da aka kafa tun 2019. Ga wancan ma'aikacin, 60,000 babban tsalle ne. Ga na Abuja, koma-baya ne idan aka janye tallafin.

Daga nan ake gane cewa kalmar albashi kanta sai an yi mata tambaya duk lokacin da wani ya ambaci lamba. Gundarin albashi ake nufi ko har da alawus-alawus? Kafin a cire haraji da fansho ne ko abin da ke shiga asusun banki? Na wata ne ko na shekara, tun da jadawalin albashin gwamnati da na shekara ake rubuta shi? Na wane mataki? Mai ɗaukar ma'aikata yakan so ya faɗi jimillar abin da yake kashewa, ƙungiya kuma takan so ta faɗi abin da ma'aikaci ke gani a wayarsa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Mu ƙaddara albashi naira 70,000 ne, duka ana lissafa fansho a kansa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aikin kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Ma'aikaci zai ga 64,400 kafin a taɓa wani abu dabam, kamar kuɗin ƙungiya, mai kamfani kuwa ya fitar da 77,000. Albashi ɗaya ne, lambobi uku. Hanyar fita daga wannan ruɗani ita ce a nemi takardar albashi ta gaske daga ma'aikata biyu ko uku a matakai dabam-dabam, a rufe sunayensu da lambobinsu don kada a ja musu fitina a wurin aiki, a kuma nemi jadawalin albashi daga ɓangaren mai biya, a aza su kusa da juna. Idan suka saɓa, saɓanin shi ne labarin.

Mai biya shi ma yana da babbar lambar da yake tsoratar da jama'a da ita. Ministan ya ce biyan 494,000 zai ci wa Gwamnatin Tarayya naira tiriliyan 9.5 a shekara, ya kuma ambaci ma'aikata kusan miliyan 1.2. Kafofi da yawa sun ɗauki lambar yadda take. Da an buga, 494,000 sau wata 12 sau mutum miliyan 1.2 tana ba da kusan tiriliyan 7.1. Wannan bai nuna ministan ya yi ƙarya ba, domin ba kowa ne ke matakin ƙasa ba, kuma idan aka ɗaga ƙasa dole a ɗaga na sama. Idan aka raba tiriliyan 9.5 ɗin, kowane ma'aikaci zai tashi da matsakaicin kusan naira 660,000 a wata. Amma giɓin tiriliyan biyu da ɗoriya ya isa a ɗaga waya a tambayi ma'aikatar: da wane ƙari kuka lissafa na manyan matakai, kuma wannan jimillar albashi ce ko ƙarin da za a yi a kan wanda ake biya yanzu? Ko da 7.1 ɗin aka tsaya, kuɗi ne da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin tarayya na 2024, wanda ya ɗan haura tiriliyan 28. Wannan ma gaskiya ce da ba ta yi wa ƙungiyoyin daɗi, kuma dole a faɗe ta.

Gwamnan da ya ce jiharsa ba za ta iya ba, shi ma a nemi ya kawo yawan ma'aikatansa da jimillar albashin wata, a kwatanta da abin da jihar ke karɓa daga asusun tarayya, wanda ake wallafawa duk wata, kuma ya ƙaru sosai a naira bayan cire tallafin mai. Mai masana'anta kuma a zauna da shi a yi lissafin tare. Wanda ke da ma'aikata 40 a kan 30,000, idan aka koma 70,000, ƙarin naira miliyan 1.6 ne a wata, da kason fansho ya kai miliyan 1.76. A tambaye shi kashi nawa ne wannan cikin abin da yake kashewa, idan aka kwatanta da dizal da kuɗin wuta da kayan sarrafawa. Wani zai nuna maka cewa sai ya sallami mutane. Wani kuma za ka tarar ya daɗe yana biyan sama da haka, kukan na al'ada ne.

Bayan lambobi, kalmomi ne ke karkatar da rahoto ba tare da mai rubutun ya lura ba. A rubuta cewa 'yan ƙwadago sun yi barazana, gwamnati kuma ta yi alƙawari. A ce waɗannan sun yi iƙirari, waɗancan sun bayyana. Fi'ilin “ce” ya ishi kowa. Da babban lauyan gwamnati Lateef Fagbemi ya ce yajin aikin ya saɓa wa doka, wannan matsayin ɓangare ɗaya ne, kuma da sunansa za a faɗe shi, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da ikon yanke wannan hukunci. Wahalar da jama'a suka sha, marasa lafiya da matafiya da masu sana'ar da ta dogara da wuta, labari ce ta gaskiya da ba za a ɓoye ba, sai dai a kula da wanda jumlar ta ɗora wa laifi, tun da tattaunawar da ta watse mutum biyu ne suka tashi daga kanta. Haka kuma ranar Talata, 4 ga Yuni, bayan zaman da aka yi da sakataren gwamnati George Akume, ƙungiyoyin jingine yajin aikin suka yi na mako guda don a ci gaba da magana. Wanda ya rubuta cewa an kawo ƙarshen rikicin ya riga malam masallaci.

A nan akwai wani abu da 'yan jarida ba su cika son a taɓo ba. Ƙungiyarsu ta NUJ da ta ma'aikatan rediyo da talabijin ta RATTAWU duk suna ƙarƙashin NLC, kuma ƙarin albashin zai shafi aljihun da yawa daga cikinsu. A ɗaya gefen, wakilin gidan rediyon jiha, mai biyansa albashi shi ne wanda ake yi wa yajin aikin, mai jarida mai zaman kanta kuma shi ma mai ɗaukar ma'aikata ne, wani lokaci ma wanda ma'aikatansa ke bi bashin watanni. Babu wanda ke tsaye a waje da wannan rigima. Abin da ke kare wakili daga zuciyarsa da kuma maigidansa shi ne ya nuna lissafinsa a fili, ya faɗi inda ya samo kowace lamba, yadda duk mai shakka zai iya sake bugawa.

A ranar 18 ga Yuli aka daidaita a kan naira 70,000, bayan gwamnati ta hau zuwa 62,000, 'yan ƙwadago sun sauko zuwa 250,000. Shugaba Tinubu ya sa hannu a ranar 29 ga watan, aka kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Kanun labarai suka ce an ƙara kashi 133 cikin 100, kuma haka ne. Da ma'aunin ɗazu kuwa, 70,000 ba ta kai 76,000 ba, wato ma'aikacin da ke ƙasa ya fita da ɗan abin da bai kai ƙarfin sayayyarsa na 2019 ba.

Kuma kashi 133 ɗin na matakin ƙasa ne kawai. Malamin da ke mataki na 8 ko jami'in da ke na 12 ba a ninka musu albashi haka, ana sake zama ne a daidaita nasu. A 2019 wannan zaman ya ja har watan Oktoba, aka tashi da kashi 23.2 ga mataki na 7, kashi 14 ga matakai na 15 zuwa 17. Bayan dokar 2024 jihohi suka yi ta sanar da nasu, Kano 71,000, Kaduna 72,000, Neja 80,000, Legas 85,000. Kowace sanarwa tana buƙatar tambayoyin da aka yi wa 60,000 da 494,000: daga wane wata za a fara, tsofaffin alawus-alawus aka narkar a ciki ko ƙari ne a kansu, ya shafi ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare ko na jiha kaɗai, nawa ne ya hau kan na mataki na 10. Amsoshin suna cikin takardar albashin watan da ya biyo bayan sanarwar, don haka wakilin zai sake komawa wurin ma'aikatan da suka nuna masa tasu a watan Yuni, ya kuma koma ofishin akanta janar na jiha ya nemi sabon jadawali.